Kaskon turaren da na manna a hoton dare ya ƙi zama

Tambaya: Malam, na ɗauki hoton walima da dare a wata istiraha, wato gidan taro, a Jidda, a ISO 6400. Mai biki ya ce in saka kaskon turaren wuta a kan tebur. Na ɗauki hotonsa a shago a ISO 100, na manna a Photoshop, amma ya fito kamar sitika. An ce in wanke yashin hoton gaba ɗaya, wato ɗige-ɗigen da ISO mai yawa ke jawowa. Jibi zan miƙa aikin, yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka wanke. Kusan kullum sai an kawo mini hoton da wannan shawara ta lalata, kuma masu bayar da ita ba su taɓa buga hoto a takarda sun duba ba. A ISO 6400 yashin ya riga ya cakuɗe da zaren shadda, gashin gemu da ƙananan layukan fata. In ka tura Denoise, abin wanke yashi, har hoton ya yi sumul irin na kaskon, duk waɗannan za su tafi tare da shi, fuskokin baƙi su koma roba, aikin wuyan riga ya narke. Ka ɓata mutum ashirin saboda kasko ɗaya ke nan. Abin da aka manna shi ake saukarwa zuwa matakin hoton. Launin ja da kore da ke warwatse a duhu kaɗai za ka iya ragewa, shi ma kaɗan.

Fara da daidaita girman kaskon, domin in ka zuba yashi sannan ka rage girma, ƙwayoyinsa za su ƙanƙance. Sai kaifi. Buɗe hoton a 200%, ka nemi wani abu da ke nesa ɗaya da inda kaskon zai zauna, misali bakin finjali, ka ga yadda gefensa ya yi laushi. Ba kaskon Gaussian Blur, fara daga 0.5 px, kana ƙarawa har gefunansu su yi kama. Inuwar da ka zana masa ma tana cikin aikin, kuma ita aka fi mantawa.

Yashi ne na ƙarshe. Buɗe sabuwar leya mai 50% Gray a Overlay, ka ɗaure ta a kan kaskon da Clipping Mask, ka sa Add Noise, Gaussian, gwada 4% zuwa 6%. Wannan yashin ƙwayarsa fiksel ɗaya ce mai kaifi, na kyamara kuwa ya fi kauri da laushi, don haka shi ma ba shi Gaussian Blur na 0.4 px. In hoton asali na da ɗigon launi, cire alamar Monochromatic.

Overlay na da rauni guda: ƙarfinsa a matsakaicin haske yake, yana mutuwa a baƙi, alhali a duhu yashin kyamara ya fi bayyana. In gindin kaskon ya zauna sumul, mayar da leyar Linear Light ka rage Fill sosai.

Kafin ka miƙa, shiga Channels ka duba Red, Green da Blue ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa Blue ne ya fi ƙazanta, nan ne manni ke tonuwa. In ka hango siffar kaskon fes a tsakiyar yashi, ƙara masa yashi a Blue ɗin kaɗai.