Rahoto shafi 18, lokaci minti 10: me zan cire?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Na rubuta rahoton shekara shafi 18, amma kwamitin shirya taro ya ce minti 10 kawai zan samu. Me zan cire? Kuma in yi hayar majigi ne ko in buga wa kowa kwafi? Daga wani mai karatu a Funtua.

Amsa: Malam Sakatare, kafin ka taɓa biro, ɗauki waya ka kunna agogo, ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi yadda za ka karanta a gaban jama'a. Cikakken shafi da aka buga da kwamfuta yakan ci wajen minti uku. Rahotonka ke nan ya doshi awa guda. A cikin minti 10 ɗin ma ba duka ne naka ba, domin sallama da gyaran lasifika za su ci nasu. Ka yi shirin minti takwas, wato shafi biyu da rabi ko uku. Wanda zai sauko daga 18 zuwa uku ba zai kai ba ta hanyar tsinke layi nan da can. Ka bar dogon rahoton yadda yake a fayil, ka rubuta sabon jawabi.

Abin da zai raba maka gardama shi ne shawarar da kake son taron ya yanke. Mu ce shugabanni na neman a ƙara kuɗin wata daga naira 500 zuwa 1,000 saboda gyaran rijiyar burtsatse. To, duk sakin layi ka tambaye shi: mutumin da zai ɗaga hannu a kan wannan ƙari yana bukatarka? Kuɗin da ya shigo da wanda ya fita yana bukata. Abin da mai gyara ya ce za a kashe yana bukata, haka ma yawan membobin da ba sa biya. Tarihin kafa ƙungiya kuwa, da jerin zaman da kwamiti ya yi wata-wata, da ziyarar ban girma da kuka kai, ba za su sauya ra'ayin kowa ba. Su zauna a rubuce.

Ga yadda zan raba lokacin in ni ne. Rabin minti na sallama, tunda mai gabatarwa ya riga ya jero sunayen manyan baƙi, kada ka maimaita. Minti ɗaya ka faɗi bukatar ƙarin kuɗin tun da fari. Minti uku na lissafi, biyu na ayyukan da aka kammala, ka zaɓi manya biyu ko uku. Ragowar minti ɗaya da rabi na abin da bai yiwu ba da dalilinsa. Na sa bukatar a gaba ne domin taronmu ba ya farawa a kan lokaci, kuma da an kira sallar la'asar shugaba zai miƙo maka 'yar takarda ka taƙaita. Wanda ya ajiye muhimmin zance a ƙarshe, shi ake yanke wa. Don haka ka ja layi a gefen sakin layi biyu da za ka iya tsallakewa in an ce saura minti biyar.

Alƙaluma ma a rage musu kaya. Kunne ba ya riƙe naira 2,347,850. Ka ce miliyan biyu da dubu ɗari uku da 'yan kai, cikakken adadin yana kan takarda.

Wuri ɗaya nake jan kunnenka. Labari marar daɗi shi ne hannu ya fi saurin gogewa, alhali shi ne bai kamata a taɓa ba. In akwai bashin da ba a karɓo ba, ko aikin da aka biya kuɗinsa aka bar shi rabi, ka faɗa da bakinka a jimla biyu. In ka ɓoye, wani zai miƙe lokacin tambayoyi ya tono shi, sai a daina ganin taƙaitawa ka yi, a fara zargin rufa-rufa. Sunayen masu ba da gudunmawa kuma suna da tarko: ka ambaci biyar ka bar na shida, ka sayi gaba. Ka gode musu a dunƙule, a liƙa cikakken jerin a bango.

Batun majigi, bar kuɗinka. Yana son wuta da ɗaki mai duhu, kuma haɗa shi kaɗai zai iya cinye minti biyar. Ka buga shafi ɗaya na lissafin kuɗi a raba wa kowa a ƙofa, ka tura cikakken rahoton a zauren WhatsApp na ƙungiya kwana biyu kafin taro, sannan ka ajiye kwafi uku ko huɗu a teburin shugabanni saboda dattawan da ba sa duba waya.

Daren taro ka sake karantawa da agogo, a gaban wani wanda bai san rahoton ba. In ka ji kana haki ko kana haɗiye ƙarshen kalmomi don ka cika lokaci, jawabin bai gajarta ba tukuna, cire wani sakin layi ɗungurungum. In ka gama, tambaye shi me ake nema a wurin membobi da nawa ya rage a asusu. In ya kasa amsa ɗaya daga ciki, wannan sashen za ka sake rubutawa.