Rangwamen Ranar Malamai: ki raba godiya da talla

Tambaya: "Jakunkuna da takalma nake sayarwa. Ina so in yi rangwame na Ranar Malamai, amma ina tsoron a ce da sunan malamai nake neman kuɗi. Yaya zan yi?"

'Yar'uwa, abin da kike tsoro ya taɓa samuna. Shekarar farko na haɗa hoto ɗaya: a sama "Mun gode malamanmu", a ƙasa ragin kashi 20 da manyan jajayen baƙaƙe, kuma ragin na kowa da kowa ne. Sai wata malamar firamare ta rubuto mini: "To mu me muka samu da sauran mutane ba su samu ba?" Maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya ta faɗa.

Tun daga nan na raba su. Ranar Malamai ta Duniya 5 ga Oktoba ce, kuma a ranar ba na sa farashi ko hoton kaya. Labari kawai nake bayarwa. Bara na rubuta kan malamar da ta lura ina runtse ido in ina kallon allo, ta dawo da ni bencin gaba, ta aika wa mahaifiyata takarda a duba mini ido. Sai da na nemi izininta kafin in sa. Mutane suka yi ta kawo labaran nasu malaman a ƙasa, kuma da haka nake gane godiyar ta shiga. In kika ga shiru, ko "nawa ne?" kawai, to talla aka karanta.

Shi kuwa ragin, tun 1 ga wata nake sanar da shi, ya kai har 10, na malamai kaɗai, don ranar kanta yawancinsu suna makaranta. Katin shaidar aiki ya isa. Wanda ba shi da kati, ya faɗi makarantarsa da ajin da yake koyarwa, in yarda. Gara mutum biyu su yi mini ƙarya da in titsiye malami a ranarsa.

Ki yi lissafi kafin ki furta kashi. A ce cikin kowane 100 da kika sayar, 70 uwar kuɗi ce, 30 riba. In kika rage 20, saura 10, wato sai kin sayar da jaka uku kafin ki sami ribar guda ɗaya ta da. In kika rage 10, saura 20, jaka uku sun ba ki ribar biyu. Shi ya sa na tsaya a kashi 10, kuma a kan kayan da malami ke buƙata: jakar da ke ɗaukar littattafan ɗalibai da takalmi marar tsini na tsayuwar aji.

Don Allah kada ki ƙara farashi a ƙarshen Satumba don ki rage a Oktoba. Tsofaffin kwastomominki sun san farashin, kuma malamai suna cikinsu.