Da kyamara ta zo, wane aiki ya rage wa mai zane?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karanta fasahar zane. An ce mana zuwan kyamara ne ya sa masu zane a Turai suka daina zana abu yadda yake. Shin gaskiya ne? In haka ne, me suka koma nema a cikin zanen nasu?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Akwai gaskiya a maganar, amma ba dare ɗaya abin ya faru ba, kuma ba duk masu zane ya shafa iri ɗaya ba.

Kafin 1839, shekarar da aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, mai zane shi ne shaida. Mai son jikokinsa su san kamanninsa, wurinsa zai je. Waɗanda suka fara ji a jikinsu su ne masu zana 'yan ƙananan fuskoki a kan hauren giwa, irin wanda ake sawa a aljihu ko a rataya a wuya. Aikin yana cin kwanaki, ga tsada. Da hoto ya yi araha, musamman bayan 1854 da mai ɗaukar hoto Disdéri ya fito da ƙaramin hoto mai girman kati, sai kasuwarsu ta mutu. Da yawansu suka koma ɗaukar hoto, wasu kuma suka zauna a shagon mai hoto suna shafa wa hotuna launi da buroshi.

Manyan masu zane ba su rasa abinci ba. Abin da suka rasa shi ne ikon cewa "haka abin yake" a yarda da su. Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne zanen doki, shi ya sa nake so mu daɗe a kansa.

A 1821 Théodore Géricault ya zana tseren dawaki na Epsom a Ingila, zanen yana gidan tarihi na Louvre har yau. Dawaki huɗu ne a cikin sukuwa, kowanne ya miƙe ƙafafun gaba can gaba, na baya can baya, babu wanda kofatonsa ya taɓa ƙasa. Géricault mahayi ne, ya san doki ciki da waje, kuma haka kusan kowa yake zana sukuwa a zamaninsa. Ba wanda ya ƙalubalance shi, domin ido ba ya iya raba motsin ƙafa huɗu a irin wannan gudun. Ki tuna lokacin da mahaya suka sako dawakai zuwa ƙofar fada ranar hawan sallah: ƙura da gudu kike gani, ba za ki iya cewa ga ƙafar da ta fara sauka ba.

A watan Yuni na 1878, a gonar attajiri Leland Stanford da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar tsere, dokin da kansa yake tayar da su ɗaya bayan ɗaya yayin da yake wucewa. Hotunan suka nuna cewa lalle akwai lokacin da ƙafafu huɗun suke sama, amma a lokacin a dunƙule suke a ƙarƙashin ciki. Idan ƙafafun sun miƙe, to akwai wadda take ƙasa. Wato siffar da Géricault ya zana, doki bai taɓa yin ta ba.

Nan masu zane suka rabu. Ernest Meissonier, wanda ya yi suna wajen zana sojojin Napoleon a kan dawaki dalla-dalla, ya shafe shekaru yana nazarin tafiyar doki da idonsa. A 1881 ya karɓi Muybridge a gidansa a Paris, ya tara abokan sana'a suka kalli hotunan, ya kuma sallama. Edgar Degas ma ya kwafi siffofin dawaki daga hotunan Muybridge. Sai dai wata matsala ta ɓullo: dokin da aka zana daidai da hoto ɗaya sau da yawa yakan fito kamar ya daskare a iska, ƙafafu a harɗe, babu gudu a jikinsa. Na Géricault kuwa, mai kuskuren, yana gudu.

Masassaƙi Auguste Rodin ya bayyana dalili daga baya. A ganinsa mai zane ne yake faɗin gaskiya, hoto ne yake ƙarya, domin a rayuwa lokaci ba ya tsayawa. Kyamara tana yanko ɗan mitsitsin lokaci da ido bai taɓa ganinsa shi kaɗai ba, shi kuwa mai zane yana haɗa farkon motsi da ƙarshensa a jiki guda. Ni ina tare da Rodin a rabin maganar. Hoton bai yi ƙarya ba. Abin da ya yi shi ne ya raba abu biyu da a da ake ɗauka ɗaya ne: yadda abu yake, da yadda mutum yake ganinsa. Na farkon ya koma hannun na'ura, na biyun ya zama gonar mai zane.

Launi ne ya ƙara faɗaɗa wannan gonar. Hoton wancan ƙarni baƙi da fari ne, kuma sinadarin da ake shafa wa gilashin ya fi jin shuɗi. Ja da rawaya sukan fito da duhu, sararin sama kuma ya fito fari fat babu gajimare. Har sai da Gustave Le Gray ya riƙa ɗaukar teku daban, sama daban, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya. Hoto mai launi da za a iya saya a kasuwa bai samu sosai ba sai 1907. To wannan fagen ne Claude Monet da abokansa suka shiga. Baje kolinsu na farko a 1874, a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar aka yi shi. A 1891 Monet ya nuna zane 15 na tarin damman hatsi da ke kusa da gidansa a Giverny. Tarin bai canza ba, hasken ne yake canzawa: da safe, da faɗuwar rana, cikin ƙanƙara. Ki duba inuwar da ke ƙasan tarin, ba baƙa ba ce, shuɗi ce da ruwan hoda da shunayya, an ɗiga su kusa da kusa ba a gauraya ba. Ba siffar dami yake son ki sani ba, hasken wata sa'a yake son ki gani.

Kada dai ki ɗora wa kyamara komai idan kin zo rubuta jarrabawa. Fenti na cikin 'yar matsattsiyar kwalbar ƙarfe, wanda aka ƙirƙiro a 1841, shi ya sauƙaƙa fita daji a yi zane, hotunan bugu na Japan kuma sun koya wa Degas da tsararrakinsa yanke mutum a bakin zane. Sannan masu zana abu sak yadda yake ba su gushe ba. Har ƙarshen ƙarnin su ne suke cika babban baje kolin Paris, kuma Meissonier yana cikin waɗanda aka fi sayen aikinsu da tsada har rasuwarsa a 1891.