Waya hamsin a sito, oda sittin da uku: me zan saya?

Tambaya: Malam, ranar rangwame mun sa waya 50 a shafinmu na sayar da kaya, muka wayi gari da oda 63, kuma kowa ya biya. Muna amfani da rumbun bayanai na PostgreSQL. Mai rubuta mana manhaja ya ce mu sayi babbar saba, mu ƙara Redis da RabbitMQ. Da wanne zan fara?

Amsa: Ranka ya daɗe, riƙe kuɗinka tukuna. Babbar saba ba za ta warkar da wannan ciwo ba, don ba rashin ƙarfi ba ne, rashin tsari ne.

Ga abin da nake kyautata zaton ya faru. Manhajarku tana fara tambayar rumbun bayanai waya nawa suka rage, in ta ga akwai sai ta karɓi oda, daga baya ta rubuta sabon adadi. Tsakanin tambayar da rubutawar akwai ɗan gibi. A ce saura waya ɗaya, mutum biyu suka danna a tare. Kowannensu an ce masa saura ɗaya, kowanne aka karɓi odarsa, sannan aka rubuta sifiri sau biyu. Ranar da babu cunkoso ba za ka taɓa ganin wannan ba. Duba lokutan odojin nan, za ka tarar da wasu sun shigo cikin daƙiƙa guda.

Maganin shi ne a haɗe dubawa da ragewa su zama umarni ɗaya:

```sql
UPDATE kaya SET saura = saura - 1
WHERE id = 42 AND saura >= 1;
```

Da na farko ya taɓa sahun wannan kaya a tebur, PostgreSQL zai kulle shi. Na biyu dole ya jira, kuma idan aka buɗe, sai a sake auna sharaɗin da sabon adadi. Ya tarar da sifiri, umarninsa bai canza komai ba. Abin da ya rage wa manhaja shi ne ta duba amsar: `UPDATE 1` an samu, `UPDATE 0` kaya sun ƙare. A ƙara `CHECK (saura >= 0)` a teburin, ko da wani zai yi ganganci a wani ɓangaren manhajar.

Sai dai kulle yana da nasa tarkon, kuma nan mutane suka fi faɗawa. Ba ya sakin sahun sai an kai `COMMIT`, wato umarnin da ke rufe aikin ya tabbatar da shi. Kullen da ake saki cikin milisakan 5 yana ba mutum 200 damar wucewa a daƙiƙa. Amma in mai manhajarku ya tsaya jiran amsar kamfanin biyan kuɗi alhali kullen na hannunsa, amsar kuma ta ɗauki daƙiƙa 2, mutum 30 kacal za su wuce a minti. Sauran suna tsaye, kowa riƙe da hanyar shiga rumbun, ga shi `max_connections`, wato iyakar yawan hanyoyin, yana zuwa ne a 100 in ba a taɓa shi ba. Da sun cika, shafin gaba ɗaya ya tsaya, har wanda ya zo kallon takalmi. Alamarsa ita ce shafi ya sandare alhali sabar ba ta ko gumi.

Don haka a raba aikin biyu. A rage adadi, a rubuta odar a matsayin ajiya mai wa'adi, kamar minti 10, a yi `COMMIT` nan take. Sannan mai saye ya tafi biya. Wanda bai biya ba har wa'adi ya cika, a mayar da wayarsa sito. Ku yanke tun yanzu abin da za ku yi da wanda kuɗinsa ya iso bayan an mayar, don tabbas za a samu.

Layin jira irin na RabbitMQ yana da amfani, amma ga abin da zai iya jira: rasit, saƙon tabbatarwa, sanar da masu ɗaure kaya. Ka sani yana iya kawo saƙo ɗaya sau biyu, kamar yadda mai saye ke danna maɓalli sau biyu in ya ga shiru. Kowace oda ta zo da lambarta ta musamman mai sharaɗin `UNIQUE`, ta yadda maimaici zai ci karo ya koma. Kafin ma ku ɗauko sabon abu, tebur ɗaya a PostgreSQL da `FOR UPDATE SKIP LOCKED` yana yin aikin layin jira sarai.

Redis kuwa, wato rumbun da ke riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar saba, ni zan bar shi a ƙarshe. Umarninsa na rage adadi, `DECR`, yana da sauri ƙwarai, amma adadin kaya zai zauna a wuri biyu ke nan, kuma in ya faɗi kafin ya kwafa wa sabar da ke riƙe kwafinsa, ragin ƙarshe na iya ɓacewa. Sai in gwaji ya nuna sahu ɗaya ya gaza ɗaukar cunkoson.

Gwajin ma kyauta ne. Ku sa kaya 50 a shafin gwaji, ku jefa masa oda 2,000 a lokaci guda da manhajar gwajin cunkoso irin k6 ko JMeter, sannan ku ƙirga. Oda 50 ake so, ragowar kaya sifiri. In lissafi ya fita daidai amma shafin na jan ƙafa, a lokacin ne za mu yi maganar sabuwar saba.