Hannun mai gyaran kai da ke tsattsagewa: sabulu ne ko rini?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da shagon gyaran kai a nan Maradi. Tun shigowar hunturu hannuwana ke ƙaiƙayi, tsakanin yatsu ya saɓule, gaɓoɓi sun tsattsage har da jini. Na sayi man shafawa a farmasi, ya lafa, ina komawa aiki ya dawo. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba da lafiya. Na daɗe cikin wannan sana'a, kuma da wuya a samu shagon da babu mai irin hannun nan. Man da kika saya bai yi laifi ba. Yana kwantar da kumburi, amma ba ya hana sabulu ci gaba da ɓarnar da yake yi.

Saman fatarmu kamar katangar tubali yake, maiƙo ne ƙasar da ke riƙe tubalan. Shamfu, omo da ruwan jabel aikinsu narkar da maiƙo, ba ruwansu ko na gashi ne ko na hannunki. Likitocin fata na cewa wanda hannunsa ke jiƙe sama da awa 2 a yini, ko yake wanke shi fiye da sau 20, ya shiga layin masu kamuwa. Ki ƙara da iskar hunturu, ga man miƙe gashi mai soda, ga wanke-wanken gida da dare. Ciwon yana somawa ne daga tsakanin yatsu da ƙarƙashin zobe, inda kumfa ke maƙalewa, don haka ki cire zobe kafin komi.

Safar hannu ta roba dole ce wajen wankin kai, amma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. In ta wuce minti 20 a hannu zufa na taruwa ciki, fata ta jiƙe kamar ba a sa komi ba. Ki sa siririyar safa ta auduga daga ciki, ta jiƙe ki sauya. Wajen rini ki nemi irin safar robar da ake kira nitiril, ki yar bayan aiki guda. Kada a juya bayanta a sake sawa, rinin ne kike mannawa fatarki. In kina da yara a shago ku riƙa karɓa-karɓa, kada a bar mutum guda a bakin baho yini guda, ko da kuwa ƴar koyo ce.

Sai mai. Basilin fari marar turare ko man kaɗe tsantsa sun fi ruwan man kanti mai ƙamshi nesa ba kusa ba. Ki aje gwangwani kusa da baho: kin wanke hannu, ki dangwale ruwan da tawul har tsakanin yatsu, ki shafa nan take. Da dare ki lafta da yawa, ki kwana da safar auduga. Maganin likita, irin su betametazon, a wurin da ya tashi kaɗai ake shafa shi, yawanci na mako 2 ko yadda ya ce. Tsawon gaɓar yatsa guda na man ya ishi hannu ɗaya ciki da baya. Don Allah ki nisanci tub ɗin bilicin na kasuwa, suna lafar da ƙaiƙayi amma suna sirantar da fata. Kuma ko hannu ya yi sumul kada ki saki, fata na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ƙarfinta ya dawo.

Abin da nake so ki lura da shi sosai shi ne rini. Na yi wata yarinya a shago, mun kiyaye duk wannan, kaushin ya tafi, amma ƙananan ƙuraje masu ruwa na fito mata a kan babban yatsa, manuni da na tsakiya na hannun hagu, wanda take riƙe gashi da shi. Ba ranar rinin suke fitowa ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa muka jima muna zargin omo. Ashe jikinta ne ya ƙi sinadarin PPD da ke cikin baƙin rini, wanda kuma ake zubawa a baƙin lallen kunshi. Wannan ba ya jin basilin, kuma in jiki ya ƙi shi ya ƙi ke nan har abada. Ta bar rini da baƙin lalle, ta tsaya ga kitso, hannu ya warke. Likitan fata na tabbatarwa da gwajin da ake mannawa a gadon baya na awa 48. Ki riƙa rubuta ranar da kika yi rini da ranar da ya tashi, ki tafi masa da takardar da kwalin rinin.

In kin ga mugunya, ɓawo rawaya, zafi ko kumburi na hawa hannu, ƙwayar cuta ta shiga, ki je asibiti ranar. In ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare kuma ƴan gida ma na susa, a duba ƙazuwa, don maganinta daban ne.