Kafin ki kai ƙarar mai kula da sito, ki tace hirar gurup ɗin

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce mai rubuta rasit a wani kamfanin raba kayan masarufi. Mai kula da sito ya ishe mu. A gurup ɗinmu na WhatsApp maganarsa ake yi dare da rana: kullum sai ya tsere kafin a tashi, ba ya ganin kowa da gashi, ɓarawo ne, ɗan lelen manaja ne, har ana cewa akwai wani abu tsakaninsa da yarinyar da ke mana shara. An ce ni zan rubuta ƙorafi zuwa ofishin kula da ma'aikata. In ɗauki hoton hirar in tura musu kawai, ko yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, don Allah kada ki tura hoton hirar nan. Na daɗe ina aiki a irin ofishin da za ki kai takardar, na kuma zauna a kwamitin ladabtarwa, kuma duk hoton hirar da ya taɓa zuwa gabanmu, masu turowa ya fi cutarwa. A ciki akwai zagin da kuka yi masa, da dariyar da kika sa a ƙarƙashin zagin, da sunayen mutanen da ba su ce a kai maganarsu ko'ina ba. Yana gani zai ce an haɗa masa kai ne, kuma ga hujja kun miƙa masa da hannunku.

Ki fara sanin inda takardarki za ta je. Jami'in da ya karɓa ba zai hukunta kowa da ita ba. Zai tsamo abin da ke ciki ya rubuta wa mutumin takardar neman bahasi, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce. Dole ne a yi haka, domin in aka kore shi ya tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, cikin abubuwan da za a duba har da ko an gaya masa takamaiman abin da ya yi, an kuma ba shi dama ya kare kansa. To ta yaya jami'i zai rubuta wa mutum "an ce ba ka ganin kowa da gashi, yi bayani"? Ba shi da abin da zai tambaya. Abin da yake nema shi ne jimlar da za a ɗora wa mutumin a gabansa, amsarta ta zama ko dai "an yi haka" ko "ba a yi ba", kuma akwai inda za a je a duba.

Hirar taku tana da amfani ɗaya babba: kowane saƙo yana ɗauke da rana da lokaci. Ki koma baya ki bi ta da biro da takarda. Duk inda wani ya rubuta "ga shi nan ya sake kulle sito", ki kwafe ranar da ƙarfe nawa ne, ki tambayi kanki: ni na gani da idona, ko wani da na sani ne ya gani, ko kuwa babu wanda ya san daga inda maganar ta taso? Na farko ne kaɗai za ki rubuta da "na gani". Na biyu sai da sunan mai ganin da kuma izininsa. Na uku ki bar shi a waya.

Mu ɗauki maganar tashi da wuri. Kalmar "kullum" ita ce za ta fara kayar da ke. Zai zo da rajista ya nuna kwana goma da ya kai ƙarfe shida a wurin aiki, shi ke nan an kama ki da ƙari, sauran maganganunki ma a fara kallonsu da ido ɗaya. "Ya tsere" ma ki ajiye ta, don ba ki san ko aikensa aka yi banki ko izini ya nema ba. Abin da kika sani shi ne kin tarar da ƙofa a kulle. Sai ki rubuta kamar haka, da naki ranakun na gaskiya:

"Ranar Talata 11 ga Fabrairu, da ƙarfe 3:20 na yamma, na je sito da rasit uku na tarar da shi a kulle. Lokacin tashi ƙarfe 5:00 ne. Na kira wayarsa sau biyu bai ɗauka ba. Motar da ta zo ɗaukar kayan ta jira har 4:30, ta tafi ba a yi mata lodi ba. Haka ya sake faruwa ranar Alhamis 13 da Laraba 19 ga wata. Ana iya duba littafin maigadi da rajistar sa hannu na waɗannan ranakun."

Kin ga babu zagi ko ɗaya, amma ta fi "kullum" nauyi nesa ba kusa ba. Rana uku da za a iya dubawa sun isa a buɗe bincike. In yana da izini, shi zai kawo shi, ke kuma ba ki yi masa ƙarya ba.

Maganar raina mutane ta fi wuya, domin a nan ne zuciya ke shiga rubutu. "Ya wulaƙanta ni", "ya ci mini mutunci", "ba shi da tarbiyya", duk hukunci ne kika yanke, kuma yanke hukunci aikin kwamiti ne. Ki ba su abin da ya fito daga bakinsa, kalma da kalma, komai muninta:

"Ranar Litinin 17 ga Fabrairu da misalin ƙarfe 10:00 na safe, a bakin sito, na tambaye shi dalilin da ba a fitar da kayan rasit ɗin jiya ba. Ya ɗaga murya ya ce, 'Ke wace ce da za ki tambaye ni? Jaka kawai.' Direbobi biyu da wani kwastoma suna tsaye a wurin."

Mata da yawa kunya kan hana su rubuta zagin, sai su ce "ya faɗa mini maganar da ba ta dace ba". Wannan ba ya zuwa ko'ina, don shi zai ce wasa ne. In da Turanci ake rubuta takarda a wurinku, ki sa kalmomin da Hausa yadda ya faɗe su, sannan ki biyo da fassara. In ba ki riƙe su daidai ba, ki faɗi haka: "ban riƙe kalmomin duka ba, amma ya kira ni jaka." Kuma in kin rama, ki rubuta abin da kika ce. Direbobin nan sun ji ku duka biyun, kuma gara kwamiti ya ji daga gare ki.

Yanzu ga wadda ta fi haɗari a ɓangaren aiki. Kada kalmar "ɓarawo" ko "sata" ta shiga takardar da za ki sa wa hannu. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta sa ɓata suna cikin laifuffuka, kuma na ga wanda ya bar batun ofis gefe ya kai mai ƙorafi wurin 'yan sanda a kan kalma ɗaya. Ke mai rasit ce, lissafi ne makaminki. Ki ce takardar rakiyar kaya ta ranar kaza ta nuna an sauke katan 120 na taliya, katin sito ya nuna an shigar da 112, bambancin katan 8 ne, ga lambar takardar. Sai ki ƙara da jimlar da mutane ba sa son rubutawa: "Ban san dalilin bambancin ba, ina roƙon a bincika." Ba tsoro ba ne, gaskiya ce. Katan takwas na iya zama waɗanda suka jiƙe aka mayar, ko direba ne bai kawo su cikakku ba, ko kuskuren rubutu ne, ko kuma wani ne daban mai riƙe da makulli na biyu. In kuwa wani a gurup ya ce shi ya ga ana loda katan a Keke Napep bayan magariba, to shi zai rubuta nasa da hannunsa. Iyakar abin da za ki iya cewa shi ne, "wane ya gaya mini ranar kaza cewa ya ga kaza, ni ban kasance a wurin ba."

"Ɗan lelen manaja" zato ne, amma sau da yawa akwai abu na zahiri a ƙarƙashinsa. Kin taɓa kai wa manajan ƙara? To ki rubuta ranar da kika gaya masa, da baki ne ko a rubuce, da abin da ya ce, da cewa har yau ba ki ji komai ba. Mai karatu zai gane da kansa.

Batun yarinyar nan kuwa, ki cire shi gaba ɗaya, ki kuma ce wa 'yan gurup su kama bakinsu. Jifan mutum da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80 kamar yadda ya zo a Suratun Nur, kuma a jihohin da ke aiki da shari'a kotu na sauraron irin wannan ƙara. Ko ba don wannan ba, ita ce mai ƙaramin ƙarfi a cikinku, kuma in sunanta ya shiga fayil ita za a fara sallama. Abu ɗaya ne zai canza maganar: in ita da bakinta ta ce yana matsa mata ko yana yi mata barazana da aikinta. Wannan ƙorafi ne mai zaman kansa, nata ne, da amincewarta, a asirce, kuma kina iya raka ta. Kada a cusa shi a tsakanin katan ɗin taliya da rajista.

Kafin ki sa sunan kowa a matsayin shaida, ki same shi shi kaɗai ki karanta masa jimlar da ta shafe shi. Za ki sha mamaki. Waɗanda suka fi zafi a gurup su ne kan ce "ai ni ji na yi" ranar da kwamiti ya kira su. In mutum biyu ne kawai suka tsaya, ki tafi da biyun. Kuma tunda cewa aka yi ke ki rubuta, ki yanke shawara tun yanzu: ko dai takardar taki ce ke kaɗai a kan abin da kika gani, ko kuma duk wanda aka rubuta da yawunsa ya sa hannu. Kada ki rubuta "mu ma'aikata duka" sannan sa hannunki kaɗai ya bayyana a ƙasa.

A ƙarshen takardar ki faɗi abin da kike nema, kuma kada ki ce a kore shi. Ki nemi a binciki ranakun da kika lissafa, a ƙirga kayan sito, a samar da wanda zai riƙa buɗe sito in ba ya nan, a kuma hana zagi a wurin aiki. Shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. Ki buga kwafi biyu, ki haɗa da hoton takardar rakiyar kayan da na katin sito in aikinki ya ba ki damar taɓa su, ki sa a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki kwafin. Daga ranar kuma kada ki sake cewa uffan a kansa a gurup, ko da alamar dariya ce, don a kowane gurup akwai mai kai masa rahoto.