Shugabana ya yi kuskuren lissafi a imel

Tambaya: "Darakta ya aika wa ma'aikata kasafin taronmu na Tawa, ya rubuta CFA 850.000 alhali jimillar 580.000 ce. Yaya zan gyara masa ba tare da ya ji na ci masa fuska ba?"

Ɗan'uwa, abu na farko kada ka taɓa «Répondre à tous». Gyara a gaban jama'a shi ke ɓata zumunci, ko da kai ke da gaskiya. Buɗe sabon saƙo zuwa gare shi shi kaɗai, kada ka saka kowa a Cc.

Kafin nan sake tara alkaluman, don wataƙila an ƙara kuɗin mai ko masauki ba ka sani ba. Shi ya sa tambaya ta fi hukunci: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. Da na tara layukan na samu 580.000, a saƙon kuma 850.000 ne. Ko akwai ƙarin da bai zo hannuna ba? Ga teburin na haɗa." Ka lura, babu "kun yi kuskure" a ciki, alkaluma ne suka yi magana.

Bar shi ya aika gyaran da kansa. Idan kuma takardar za ta wuce wurin mai ba da kuɗin yau, kada ka jira imel, kira shi.